Hannun Yaya Bai Yi Nauyi Ba

Yayana mai tace fim ne, kuma in za a faɗi gaskiya ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba. Ni ƙanwarsa ce ciki ɗaya, don haka ina da bakin faɗa. Tun muna yara yake da tsiyar gyara wa mutane labari. Baba zai kawo wani abin dariya da ya faru a wurin aikinsu, kowa ya dara don ladabi, shi kuwa sai ya ce Baba ya yi saurin faɗin ƙarshen, da ya ɗan jira kaɗan da an fi darawa. Ya sha ranƙwashi a kan haka bai daddara ba. Abin haushin shi ne idan ya maimaita labarin da bakinsa, ya yi shirunsa a inda ya ga dama, har Baban sai ya tuntsire da dariya.

Ya fara sana'ar ne tun zamanin kaset, a wani shago da ke ƙarƙashin bene, da na'ura biyu da ƙaramar talabijin. A lokacin in ka yanka hoto ba daidai ba, gyara ya zama aiki, don duk abin da ka jera a bayansa sai ka sake jera shi. Wannan ya koya masa tunani kafin ya taɓa maɓalli. Da kwamfuta ta zo, gyara ya zama abin wasa, amma shi bai bar halinsa ba. Abokan aiki suka laƙaba masa Agogo, wai ba ya wuce lokaci kuma ba ya gaza shi. Shi ne ya shigar da ni kamfanin da yake aiki, na zama mai ɗinka wa 'yan wasa tufafi da kula da su, shi ya sa duk abin da zan faɗa na gan shi da idona.

Ɗakinsa yana ƙarshen baranda, bayan ɗakin kayana. Ƙarami ne, ba taga, an manna soso a bango don kada ƙara ta shigo. Akwai allo biyu a kan tebur, da tsohuwar kujerar zaman mutum uku wadda tsakiyarta ta lotsa, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar da ruwa a bokiti. A nan ake kawo masa duk abin da aka ɗauko, ɗauka a kan ɗauka, mai kyau da marar kyau, ya zauna ya zaɓa ya jera bisa labari. Wannan jeri na fari shi ake kira haɗin farko, kuma kowa a gidan, har mai shara, ya san haɗin farko da tsawo yake zuwa. Da gangan Yaya yake bar wa kowace ɗauka rara a kai da wutsiya, kamar yadda nake barin yadi a gefen ɗinki kafin mai riga ya zo gwaji. Sai an kalla tare a ga inda za a rage.

Ban taɓa taɓa kwamfutarsa ba, amma shekaru ina zama a kujerar nan ina ɗinka maɓalli ina jin yana wa'azinsa, har na haddace. Yakan ce hoton hannu yana buɗe ƙofa ido na gama karanta shi nan take, in ka bar shi ya daɗe ka raina mai kallo. Hoto mai faɗi kuwa, mai cike da mutane, sai ido ya yi yawo ya nemo abin da ake so ya gani, kuma bayan ya gani sai an ba zuciya lokaci ta ji. Yakan ce babban maƙiyin mai tacewa shi ne idonsa, don ya kalli hoton sau ba adadi, ya gundure shi, sai ya ɗauka shi ma mai kallo ya gaji, alhali mai kallo yanzu ya fara gani. Shi ya sa in ya gama jera fitowa, wato yanki ɗaya na labarin, yake rufe ta kwana biyu kafin ya sake dubawa. Kuma ba ya barin doguwar ɗauka ta zauna a tsakanin dogaye, sai ya matse na gabanta su zo da sauri, yadda in aka iso ta za a ji an tsaya.

Duk wannan ilimin bai hana shi faɗa ba, don rabin aikin ma faɗa ne. Daraktan kamfanin abokinsa ne tun suna samari, mutum mai ƙiba da murya, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Ranar kallon haɗin farko, daga ɗakina nake jiyo su. Darakta ya ce wannan hoton ya kwana, Yaya ya ce kai ne ka kwana. Darakta ya buga tebur ya ce a cire daƙiƙa biyu, Yaya ya cire ɗaya don ya nuna masa abin ya lalace, su mayar, su sake cirewa. Wani lokacin Daraktan ne da gaskiya, Yaya ya rage ba tare da ya amsa ba, ya ce dama can ya yi niyya. Su fito suna huci su tafi cin abinci tare. A haka suka yi finafinan da suka tsayar da kamfanin da ƙafarsa, kuma ban taɓa jin wani ya ce faɗan ya yi yawa ba.

Sai ciwo ya zo. Wata safiya yana ɗaura igiyar takalmi ya kife, hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu. Ya yi watanni tsakanin asibiti da gida. Matarsa, wadda nake kira Anti, ta yi ɗawainiyar da sai dai Allah ya biya ta. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, hannun hagu bai dawo ba, harshe kuma ya yi nauyi, kalma takan tsaya masa a baki ya yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Amma kansa garau yake. Yana kwance a gado yana kallon talabijin yana tsaki, yana nuna wa Anti da yatsa inda aka yi gaggawar yankawa, har ta ce in bai bari ta ji labarin ba za ta kashe.

Da ya ce zai koma aiki, Mai Kamfani ya karɓe shi hannu bibbiyu, har da sabuwar kujera mai juyawa. Da hannu biyu yake aiki a da, hagu a kan madannai, dama a kan linzamin kwamfuta. Yanzu dama ce ke yin duka, tana zuwa tana dawowa. Abin da yake gamawa kafin azahar ya koma kai shi la'asar. Ban musa wannan ba, kowa ya gani. Ni nake kai shi in dawo da shi a motata, ina ganin yadda yake fitowa a gajiye, amma fuskarsa a sake, abin da na daɗe ban gani ba.

Fim ɗin da aka ba shi labarin wani direban bas ne da 'yarsa ta rasu. Kullum in an tashi daga makaranta yakan tsaya a ƙofar ya ɗauke ta, fasinjoji ma sun saba. Bayan rasuwar, ranar da ya koma aiki, sai ƙafarsa ta taka birki a ƙofar makarantar ba tare da ya sani ba. An ɗauki ƙofar daga cikin bas, ta gilashin gaba, yara suna tuɗaɗowa cikin kaya iri ɗaya. Ni na ɗinka kayan nan har yatsuna suka yi kanta, shuɗi da fari, don haka na san fitowar kamar tafin hannuna. Yara suna fita suna fita har su ragu, sai ɗaya ko biyu, sai mai gadi ya jawo ƙofar. Daga baya ana jin fasinjoji sun fara gunaguni.

Ranar kallon haɗin farko muka cika ɗakin: Darakta, Mai Kamfani, mai haɗa sauti, da ni a hannun kujera. Da aka iso wurin, Yaya ya kawo hotuna gajeru da sauri, titi, ƙafa a kan birki, fuskar direba. Sai ƙofar, ya bar hoton a kanta. Na san labarin, na san yarinyar ta mutu, na ma san 'yar wasan tana gidansu lafiya lau, amma na kama kaina ina duba fuskokin yaran ɗaya bayan ɗaya ko zan gan ta. Yara suka ragu ina dubawa. Mai gadi ya kama ƙofar, Yaya bai yanka ba sai da ta rufu, sannan ya koma fuskar direban. Na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Aka gama aka kunna fitila. Yaya ya juyo da kujerarsa ya fuskanci Darakta, ya gyara zama, na ga yadda idonsa ke ƙyalli yana jiran a taɓa shi. Akwai wuraren da suka yi tsawo a fim ɗin, ni ma da ba sana'ata ba na gani, haɗin farko ne. A da, kafin fitila ta gama kamawa Darakta ya fara ihu. Ranar sai ya share murya ya dubi Mai Kamfani, Mai Kamfani ya dubi wayarsa.

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," in ji Darakta. "Ka yi ƙoƙari sosai."

Ƙoƙari. Mutumin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana gyara maka ɓarnarka, yau ka ce masa ya yi ƙoƙari, kamar yaron da ya wanke kwano bai fasa ba. Yaya ya jira, ya ga babu ƙari, ya yi ta kokawa da harshensa har ya tambaya ina ne ya yi tsawo. Darakta ya ce babu komai, ya huta tukuna, za a yi magana. Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, kowa yana dafa masa kafaɗa a hankali in zai wuce.

A baranda Darakta ya tare ni, ya rage murya, ya tambaye ni me likita ya ce game da ƙwaƙwalwar. Na ce wace ƙwaƙwalwa. Ya ce ai na ga hoton ƙofar nan, kamar ya manta bai yanka ba, ko kuma hannun ne ya makara kafin ya kai ga maɓalli. Raina ya ɓaci. Na ce masa tace fim ba tuƙin mota ba ne da za a ce an makara taka birki. Ko mutum ya tsayar da hoto a makare, yana komawa baya ya matsar da yankan gaba ko baya, hoto ɗaya-ɗaya, har ya zauna inda yake so, kuma shi Darakta ya fi ni sanin haka, ya sha ganin ana yi. Nauyin hannu yana sa aiki ya daɗe kafin a gama, ba ya ƙara wa ɗauka tsawo. Na ce in yana ganin ta yi tsawo ya koma ciki ya faɗa masa, su yi faɗansu.

"Haba ƙanwata," ya ce, "ta yaya zan ɗaga wa marar lafiya murya? Sai ka ce ba ni da imani."

Wannan imanin nasa shi ne ya kashe mu. Da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita. Amma kowa a gidan nan ya zama mai tausayi dare ɗaya, kuma tausayin ya ba su amsar komai. In Yaya ya bar shiru bayan magana, ciwon ne. In ya tsaya a fuskar mai sauraro maimakon mai magana, abin da suka sha yaba masa a kai, ciwon ne. Irin wannan doguwar ɗaukar da ya bari a wani fim shekarun baya, Mai Kamfani da kansa yake nuna wa baƙi ita yana cewa ku ga aikin gwani. Yanzu abu ɗaya ne, mutum ɗaya ne, sai dai ya zo da sanda. Mai haɗa sauti ma, wanda ba ya iya bambance fitowa mai kyau da hoton gwaji, na ji shi a wurin shan shayi yana cewa Agogo ya fara lati, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Suna ganina suka haɗiye ta.

Bayan kwana biyu Mai Kamfani ya shiga ɗakin da kansa. Mutum ne mai taushin baki, irin wanda zai kore ka kana masa godiya. Ya ce wa Yaya gidan nasa ne, ba mai raba shi da shi. Sai dai tashar da za ta nuna fim ɗin tana jira, masu kallon yanzu kuma ba su da haƙuri. Ya ce Yaya ya sake dubawa zuwa kallo na gaba, in kuma abin ya yi masa nauyi ba laifi ba ne, akwai wani wurin tace finafinai da za a miƙa wa, shi kuma ya riƙa zuwa yana ba da shawara. Duk wanda ya san aiki ya san me ake nufi da ba da shawara: a ajiye maka kujera a gefe, a riƙa gaishe ka.

Yaya bai karaya nan da nan ba. Washegari ya aika na kira masa Darakta, ya zaunar da shi, ya kunna masa hoton ƙofar shi kaɗai. Ya yi iya yinsa don ya tsokano shi. Ya ce masa ɗaukar ma ba ta yi kyau ba, an ajiye kyamara a karkace, wanda a da ya isa ya sa Darakta ya tashi tsaye. Darakta ya yi murmushi ya ce gaskiya ne. Yaya ya ce to a rage ko a bari? Darakta ya ce duk yadda ya ga ya dace. Ya dubi agogon hannunsa ya ce ana jiransa, ya fita yana masa addu'ar ƙarin lafiya.

Ranar muna cikin mota, mun kusa gida. Ya tambaye ni, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, ko hoton ya yi tsawo. Na ce bai yi ba, na faɗa masa yadda na yi ta neman yarinyar a cikin yaran. Ya ce ni ƙanwarsa ce, ko ya bar ƙofar har gobe haka zan ce. Ya tambayi Anti da muka shiga, ita da ba ta ma ga fim ɗin ba, ta ce ai duk abin da ya yi daidai ne. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce a asibiti ma ya sha jin kamar ya yi magana daidai, sai ya ga ana kallonsa ba a gane ba, to ta ina zai san ba haka kansa yake yi masa da lokaci ba? Duk wanda yake ƙaunarsa shaidarsa ta faɗi, wanda kuma shaidarsa za ta karɓu ya ƙi buɗe baki.

Daga nan ya shiga yanka. Ina zaune a kujerar nan ina ɗinki ina kallon fim ɗin yana ƙanƙancewa. Ya bi fitowa bayan fitowa yana datse kai da wutsiya. Mutum na rufe baki an bar fuskarsa, wani na buɗe baki an iso tasa, ba numfashi a tsakani. Wasu wuraren sun gyaru, ban ƙi gaskiya ba, rarar da ya bari ce dama take jiran a cire. Amma bai tsaya a rara ba, ya shiga nama. Bai ƙara rufe fitowa ya bar ta ta kwana ba, yana gamawa yake wucewa. Da ya iso ƙofar makarantar, na ajiye allura. Ya bar yaran suka fara fitowa, kafin ido ya sauka a kan fuska ɗaya ya yanke, ya koma direba, ya koma ƙafa tana barin birki. Na ce Yaya, don Allah. Bai juyo ba. Al'adarsa ce ya ajiye kowane haɗi daban kafin ya taɓa shi, amma wannan karon ya buɗe wurin ajiyar ya goge na farkon da hannunsa, ya ce kada zuciyarsa ta riƙa ja shi baya.

A kallo na biyu fim ɗin ya yi gudu kamar ana korarsa. Ana kunna fitila Mai Kamfani ya fara tafi, mai haɗa sauti ya bi. Aka ce Yaya ya dawo, aka ce ai dama ciwo ba ya cin gwani, Mai Kamfani ya ce maganar miƙa aiki wani wuri ta mutu. Yaya ya amsa musu da kai yana murmushi da ɓarin bakinsa mai motsi. Ya tsira da kujerarsa, kuma ban taɓa ganin mutum ya ci nasara da irin wannan fuskar ba. Darakta bai yi tafi sosai ba, ya tsaya yana sosa gemu, ya ce wurin makarantar kamar akwai abin da ya rage, amma ba komai, kiɗa zai cike.

Aka sa kiɗa. Aka sa mai taushi, bai cike ba, aka sa mai kuka, ya zama kamar ana roƙon mutum ya yi hawaye. Mai haɗa sauti ya ɗaga muryar fasinjoji, ya sauke ta. Har aka fara cewa ɗan wasan ne bai iya ba, bawan Allah da ya yi aikinsa tsaf. Ba wanda ya ce a tambayi Yaya, shi kuwa yana zaune suna ta fama a bayansa.

Kafin a kai wa tasha, Mai Kamfani ya gayyato iyalinsa da wasu maƙwabta su kalla a babban ɗakin taro, mutanen da ba su san labarin ba. Na zauna a baya ina kallon ƙeyoyinsu. Aka zo wurin, bas ta tsaya, yara suka gilma, bas ta tashi. Sai uwargidan Mai Kamfani, mace mai faɗin abin da ke ranta, ta juya ta tambayi mijinta da ƙarfi ko motar ce ta lalace. Wata a gefenta ta ce a'a, fasinja zai sauke. Suka ci gaba da kallo hankalinsu kwance. Wurin da aka gina fim ɗin gaba ɗaya a kansa ya wuce, ba wanda ya san ya wuce. Na dubi Darakta, ya rufe fuska da tafin hannu.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ban riƙe Mai Kamfani sosai ba, shi dama bai taɓa sanin abin da ake yi a ɗakin nan ba. Darakta nake jin haushi har yau, don shi ya sani. Ya san haɗin farko da rara yake zuwa, ya san hoto mai cike da mutane yana son lokaci, ya san abokinsa da gardama yake auna aikinsa. Abin da ake nema a wurinsa kawai ya buga tebur ya ce ka yi tsawo, a ce masa ƙarya kake, su ja su saki har su tsaya a gaskiya. Ya ga sanda ya ji kunya, ya bar mutum shi kaɗai da zargin kansa, yana ganin alheri ya yi.

Washegari da hantsi ya shigo ɗakin, ina ciki. Bai zauna ba. Ya ce wa Yaya shi ne ya yi kuskure, hoton ƙofar na farko shi ne daidai, a mayar da shi yadda yake. Yaya ya ce ya goge. Darakta ya ce ai ɗanyen hoton da aka ɗauko yana nan, jawo shi kawai za a yi. Haka ne kuwa, ba abin da ya ɓata. Yaya ya kama gefen ɗaukar da linzami ya ja ta har ƙarshenta, tun daga fitowar yaro na farko har bayan mai gadi ya rufe ƙofa ya tafi, har inda ake jin muryar Darakta daga nesa yana cewa a tsaya. Saura a zaɓi inda za a yanka.

Ya kunna. Yara suka fito, shuɗi da fari. Yatsansa yana saman maɓalli. Suka yi yawa, suka fara raguwa, na ga yatsan ya sauko ya tsaya bai taɓa ba. Mai gadi ya kama ƙofar, ta rufu, nan ne wurin. Yatsan ya motsa ya koma. Hoton ya ci gaba har ya ƙare. Ya mayar farko ya sake kunnawa. Wannan karon ya tsayar tun yara suna da yawa, ya dubi allon, ya girgiza kai, ya sake mayarwa. Ya tsayar a ƙarshe, ya matsa baya kaɗan, ya matsa gaba kaɗan, ya dawo. Ruwa yana ta ɗiga a bokiti. Darakta ya matso, ya tattaro tsohuwar muryarsa da ƙyar, ya ce masa ya daina wasa ya yanka, shi ya fi kowa sani. Muryar ta fito kamar ta aro, mu duka mun ji.

Yaya ya ɗauke hannunsa daga madannai ya ɗora a cinya, kusa da ɗayan. Ya juyo da kujerar a hankali, ya dube shi, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. Ya daɗe yana neman kalmomin kafin su fito.

"Zan kunna," ya ce. "In ya isa, ka faɗa mini."